555 ɗina ya ƙi tsayawa

"Ina so fitila ta kama daƙiƙa 5 in na danna maɓalli, amma sai kamawa take tana mutuwa. Ina na kuskure, kuma wace rizista zan sa?"

Malam, fara duba ƙafa ta 2 da ta 6 na 555 ɗin, wato IC ɗin nan mai ƙirga lokaci. In a haɗe suke, to astebul ka yi, mai kamawa da mutuwa ba tsayawa, ba monostebul ba, mai kamawa sau ɗaya ya mutu. A wannan haɗin kafasita tana cika zuwa kashi biyu cikin uku na wutar batir, ta sauko zuwa kashi ɗaya cikin uku, sai ƙafa ta 2 ta sake tayar da ita, haka dai ba ƙarshe.

Raba su. Haɗa 6 da 7, rizista daga nan zuwa layin wuta, kafasita zuwa ƙasa. Ƙafa ta 2 kuwa ka ja ta sama da 10kΩ, maɓalli ya riƙa taɓa ta da ƙasa. Lissafin ke nan:

```
t = 1.1 × R × C
R = 5 / (1.1 × 0.0001) ≈ 45kΩ
```

Da kafasita 100µF na yi, wato 0.0001F. A wannan juyin mutane suka fi tuntuɓe. Sa 47kΩ, za ka samu kusan daƙiƙa 5.2, ko batirin 5V ne ko 9V.

In ka auna da agogo ka ga 6, kada ka zargi lissafi: kafasita mai ruwa takan kauce da kashi 20 cikin ɗari. Kuma ka saki maɓallin da wuri, don muddin ƙafa ta 2 tana ƙasa fitilar ba za ta mutu ba.