Zane uku, fili ɗaya: wanne zan ce a gina?

*Tambaya:* Assalamu alaikum Malam. Shekarata bakwai ina aiki a Italiya, na samu na sayi fili ƙafa 50 sau 50 a Kano, titi yana yamma da shi, sauran ɓangarorin uku duk maƙwabta ne. Ƙanena ya turo min hotunan zanen gida guda uku ta waya, ya ce in zaɓa kafin damina ta faɗi. Hajiyarmu da iyalina da yara biyu ne za su zauna. Ni dai na fi son na farko saboda ɗaki uku gare shi, matata kuma na uku take so. Ga hotunan nan, don Allah a duba min.

*Amsa:* Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka, ya sa a gama lafiya.

Na duba hotunan, kuma abin da zan fara ja maka kunne a kai shi ne waya tana yaudarar ido. Duk zanen da ta buɗe, sai ta miƙe shi ko ta matse shi ya cika fuskarta, don haka ɗakin da bai kai shagon mai caji ba sai ka gan shi daidai da falon Sarki. Kada ka auna da ido, lambobin da ke jikin layukan za ka karanta. Masu zane a Najeriya da milimita suke rubutawa: in ka ga 3600, mita 3.6 ke nan, kusan ƙafa 12. In ka ga 3000, ƙafa 10 ce ba kaɗan. Filinka kuwa mita 15 da ɗan ɗoriya ne kowane gefe, wato duk abin da za a yi, a cikin wannan ɗan tafin hannun za a yi shi.

To mu ɗauki zanen da ya kwanta maka a rai. Ɗakuna ukun nan kowanne 3000 sau 3000 aka rubuta. Gadon da matanmu suke zuwa da shi, ƙafa 6 sau 6, yana cin mita 1.8. Sif ɗin kaya yana cin santimita 60 daga bango. Ka haɗa, ka cire daga mita 3, abin da ya rage tsakanin gado da sif santimita 60 ne, ko murfin sif ɗin da ƙyar zai buɗe. Ƙofar ɗaki kuma faɗinta santimita 90, tana buƙatar inda za ta juya. Ina za a shimfiɗa darduma? Ina katifar yara? Har wa yau ka tambayi mai zanen ko daga cikin bango zuwa cikin bango ya auna, ko daga tsakiyar bulo. Bulo mai inci 9 kaurinsa santimita 22 da rabi ne, ga filasta. In daga tsakiya ya auna, ɗakin naka ya koma kusan mita 2.75.

Abin da ya fi ba ni takaici a zanen nan shi ne lungun da ya ratsa tsakiyar gidan, daga falo har ƙurya. Faɗinsa 1200, tsawonsa 8000. Lissafa ka gani: murabba'in mita 9.6, alhali kowane ɗakin kwana 9 ne. Ka ga ashe ɗaki huɗu za ka biya kuɗin bulonsu da kwanonsu da tayil ɗinsu, sai dai mafi girman cikinsu ba a kwana a ciki, ba a zama, kuma babu taga ko ɗaya. Ranar da aka ɗauke wuta, da azahar sai an kunna fitilar waya kafin a kai banɗaki. Ga shi ginin ya cinye filin gaba ɗaya, tsakanin tagogin ɗakuna da katangar maƙwabci santimita 60 kacal. Taga tana nan a takarda, amma a zahiri bulon maƙwabci take kallo, ba haske ba iska, sai hayaƙin janaretonsa. Ban ga inda za a haƙa sokawe ba, ban ga inda za a shanya wanki ba, ban ga inda Hajiya za ta baza tabarma da la'asar ba.

Kafin in zo kan na matarka, ka sa ƙanenka ya yi abu ɗaya: a kowane hoto ya zana kibiya mai nuna arewa, wadda masu zane suke sa wa harafin N. Biyu daga cikin hotunan babu ita, ni da titin da ka ce yana yamma na gane alƙiblarsu. Ba tare da kibiyar nan ba, babu mai iya gaya maka ɗakin da zai yi sanyi da wanda zai zama tanda.

A Kano ranar yamma ita ce abokiyar gaba. Daga ƙarfe biyu zuwa biyar takan sauko ƙasa ƙasa ta shigo taga kai tsaye, rumfa ba ta tare ta, bango kuma ya sha zafi ya riƙa amayar da shi har bayan isha'i, musamman a Maris da Afrilu da Mayu. Arewa da kudu kuwa da sauƙi, domin rana daga sama take dukansu, 'yar baranda ko ɗan leɓen kwano ya isa ya yi musu inuwa. Iskar damina mai sanyi daga kudu maso yamma take zuwa, ƙurar hunturu daga arewa maso gabas, hadari kuma galibi daga gabas yake tasowa ya doki bango, shi ya sa maginan gargajiya suka fi ba bangon gabas kulawa wajen yaɓe.

Zane na uku ba na musun kyansa, kuma na fahimci abin da uwargida ta gani. Amma ga dukkan alamu ba don filinka aka zana shi ba, irin wanda ake ɗaukowa ne a intanet, na ƙasashen da ake marmarin rana. Manyan tagogin gilashin falon nan guda biyu, in aka ɗora zanen a filinka, yamma za su kalla. Kicin ɗin kuma a buɗe yake cikin falo, babu bango a tsakani. Yanzu ka ɗora yatsanka a ƙofar gida ka yi abin da nake yi da kowane zane, ka zama mutum huɗu ɗaya bayan ɗaya. Ka zama abokinka da ya zo gaisuwa: yana zama a kujera, ga matar gida tana tuƙa tuwo a gabansa. Ka zama matarka da ta dawo daga unguwa da baƙi maza a falo: ba ta da hanyar shiga ɗakinta sai ta ratsa su. Ka zama Hajiya da asuba za ta yi alwala: banɗakin yana can bayan falo. Ka zama yaro da aka aika ya zubar da shara: ƙofa ɗaya ce tal a gidan. A can inda kake hakan ba komai ba ne, amma a gida, wata uku ba za a yi ba sai an kira birkila ya ja bango, falon ya koma duhu.

Saura na biyu, wanda babu wanda ya zaɓa a cikinku, kuma shi zan ce a gina. Ɗaki biyu ne da falo, an jera su sun yi kwana, jere ɗaya ta arewa, ɗaya ta gabas, suka rungumi tsakar gida mai kimanin mita 6 sau 7. Ɗakunan 3600 sau 3600 ne, ka ga bayan gado da sif akwai sauran mita 1.2, wurin sallah da katifar yaro. Babu lungu a ciki, baranda ce take haɗa ɗakunan, ita ce hanya, ita ce kuma wurin zama. Kowane ɗaki yana da taga a bango biyu, ɗaya ta tsakar gida, ɗaya ta baya inda aka bar mita 1.2 kafin katanga. Wannan shi ne sirrin iska: sai ta samu mafita take shiga. Ɗaki mai taga ɗaya, komai girmanta, kamar tulu yake. Ƙa'idar da masu zane suke bi ita ce girman tagogi ya kai aƙalla kashi 1 cikin 10 na girman daɓen ɗaki. Ɗakin nan murabba'in mita 13 ne, taga mai 1200 sau 1200 ta haura abin da ake nema ita kaɗai, balle guda biyu. Tsakar gidan kuma a buɗe take ta kudu da yamma, inda iskar damina take fitowa.

Ba na cewa ba shi da gyara. Ƙofar gidan tana kallon tsakar gida sak, duk wanda ya wuce a titi in an buɗe sai ya ga har bakin kicin. A matsar da ita kusa da falo, a ja ɗan bango a gabanta yadda mai shiga sai ya karkata, dabarar zaure ke nan da kakanninmu suka daɗe da sani, a kuma ba falon ƙofarsa ta waje don baƙi maza su tsaya a nan. Tagar falon da ke kallon titi a rage ta, a ɗaga ta sama, a mayar da babbar ta kudu ƙarƙashin baranda. Sannan masai ɗin banɗakin Hajiya gabas yake fuskanta. Alƙiblar Kano gabas ce da ɗan karkata zuwa arewa, don haka a juya shi ya kalli kudu ko arewa tun a takarda, domin na san Hajiya ba za ta yarda da shi ba, kuma juya shi bayan an binne bututu fasa daɓe ne. Ɗaki na ukun da kake kwaɗayi, a nuna gurbinsa a ƙarshen jeren gabas da ɗigo ɗigo, a gina shi in iyali sun ƙaru.

Maganar takardu kuma, hoton waya ba zane ba ne. Ka nemi cikakken PDF mai awo da kibiyar arewa da sa hannun mai zanen, wanda yake nuna ginin zaune a kan filin da tazararsa daga kowace katanga. Da shi za a je KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, neman izinin gini, kuma su ne za su faɗi tazarar da dole a bari ta gaba da gefe, wadda nake kyautata zaton zane na farko ba zai tsallake ba. Tunda ba ka nan, ka rubuta wa ƙanenka takardar wakilci da ta bayyana abin da ka ɗora shi a kai, amma takardun fili da izinin su fito da sunanka. Kwafin zanen da aka amince da shi ɗaya a hannunka, ɗaya a hannun magini, kuma ku yi yarjejeniya babu bangon da za a matsar sai an kira ka. Na taɓa ganin wanda ya dawo daga Saudiyya ya tarar an rage masa ƙafa 2 a kowane ɗaki don a fitar da shagon haya a gaba, wai an yi masa dabara.

Kada ka tura kuɗin haƙa tushe sai an yi wannan: ƙanenka ya sayi igiya da turaku, ya samo toka ko farar ƙasa, a shata zane na biyu a kan filin da ainihin girmansa. Ya kai Hajiya da matarka da misalin ƙarfe huɗu na yamma, ya kira ka ta bidiyo. Su shiga ta inda ƙofa za ta kasance, su taka zuwa kicin, su shimfiɗa tabarma a gurbin gado, kowa ta tsaya a ɗakinta ta duba ta ina rana take dukanta. Duk layin da bai yi musu ba, a share tokar da ƙafa a sake ja.