Na'urar gano rubutun AI ta zargi makalata, me zan rubuta wa kwamiti?

"Ni na rubuta makalata da hannuna, amma na'urar Turnitin ta ce kashi 60 na AI ne. An ba ni sifiri. Yaya zan rubuta takardar ɗaukaka ƙara?"

Ɗan'uwa, kada ka cika takardar da rantsuwa, kwamiti hujja yake nema. Fara duba dokar jami'arku ka ga wa'adin shigar da ƙara, don in ya wuce da wuya a saurare ka.

A sakin layi na farko ka sa lambar rajistarka, sunan kwas, ranar da ka miƙa aikin, da roƙonka: a soke sifirin a sake duba makalar.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce tarihin rubutun. In a Google Docs ka yi aikin, buɗe File, sai Version history. Zai nuna yadda makalar ta girma kwana bayan kwana, har da jimlolin da ka goge. Ɗauki hotunansa ka haɗa da takardun da ka yi zayyana a kai. Amma in a wani wuri ka rubuta sannan ka liƙa gaba ɗaya, tarihin zai nuna ta faɗo lokaci guda, to ka bayyana dalili tun kafin a tambaye ka.

Sannan jimla biyu kan na'urar sun isa. Kamfanin Turnitin da kansa ya ce kada makinsa ya zama hujja ɗaya tilo ta hukunta ɗalibi, kuma binciken jami'ar Stanford na 2023 ya nuna irin waɗannan na'urori sun fi zargin waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne.

Kada ka zargi malamin. Ka rufe da cewa a shirye kake a yi maka tambayoyi baki da baki kan makalar.