Rogo da gubarsa: amsoshin likita ga masu tambaya

Likita, tun muna yara muke ɓare rogo, wanda ake ce wa bafra a nan Sudan, mu ci ɗanye, ba abin da ya same mu. Yanzu 'yata mai karatun jinya ta hana jikokina. Gaskiyarta ne? Wani dattijo daga Mai Wurno.

Baba, gaskiyarta ne, kuma kai ma ba ƙarya ka yi ba. Rogo iri biyu ne, mai zaƙi da mai ɗaci, kuma dukansu suna ɗauke da wani sinadari mai suna linamarin. Shi kansa a kwance yake, ba ya komai. Amma a jikin rogon akwai wani sinadarin na biyu da aka ajiye daban, kamar ashana da fetur a ɗaki biyu. Da zarar an tauna, ko an goga, ko an daka, sai su haɗu, a nan ne gubar sayanayid take fitowa. Ita ce ke hana tsokar jiki amfani da iskar da mutum ya shaƙa.

Bambancin a yawa yake. Mai zaƙi yakan ɗauki ƙasa da miligiram 50 a kowane kilo, mai ɗaci kuwa yana iya kai 400. Abin da kuka ci kuna yara mai zaƙi ne, ɗan gutsure, kuma hanta tana iya sarrafa kaɗan ta fitar ta fitsari. Sai dai ga lissafi. A ce rogo mai miligiram 200 a kilo ne, yaro ya ci giram 100, wanda bai kai tsawon tafin hannu ba. Ya haɗiye abin da zai iya ba da miligiram 20 ke nan. Haɗarin rasa rai yana farawa daga wajen rabin miligiram a kowane kilo na nauyin jiki, wato miligiram 10 ga yaro mai kilo 20. Ka ga ya ninka. Kai babba da irin wannan gutsuren wataƙila jiri kawai za ka ji.

Ɗaci alama ce, idan ka ji shi ka tofar. Amma rashin ɗaci ba shaida ba ce, kuma a shekarar fari ko mai zaƙin ma gubarsa tana hawa. A bar jikoki su jira a dafa.

Assalamu alaikum. Mun sayi rogo mai araha, na fere, na jiƙa kwana ɗaya, na shanya, aka niƙa, na yi tuwo. Cikin dare yarana biyu suka kama amai da jiri, mu manya ciwon kai kawai. Me na yi ba daidai ba, alhali tuwon ya dahu sosai? Wata uwa daga Damazin.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa yaran lafiya. Ban duba su ba, amma labarin ya yi kama da na rogo mai ɗaci da aka gaggauta. Kuskuren a kwana ɗayan nan yake, kuma zan bi aikin tare da ke daki-daki don ki ga inda ya kuɓuce.

Ferewar da kika yi daidai ce. Ɓawo ya fi tsokar guba nesa ba kusa ba, kuma ɓawon biyu ne: na waje mai ruwan ƙasa, siriri, da na ciki mai kauri, fari ko mai ɗan ja-ja. Mutane da yawa sukan kankare na wajen su bar na cikin. A tsaga shi da wuƙa a tsaye a ɓare shi gaba ɗaya. A rogo mai zaƙi wannan kaɗai yana kwashe kaso mai yawa. A mai ɗaci kuwa gubar ta ratsa har cikin tsoka, ferewa somin-taɓi ce.

Sai jiƙo. Yawancin mata suna ɗauka ruwa wanke rogon yake yi kamar yadda ake wanke gero. Yana ɗan yin hakan, domin linamarin na narkewa a ruwa, amma babban aikin ba shi ba ne. Idan rogo ya kwana biyu zuwa uku a ruwa, ƙananan halittun da ke sa kullu tsami sukan fara cin jikinsa, ya yi laushi, bangon da ya raba sinadaran nan biyu ya rushe. Sai su haɗu a cikin roba maimakon a cikin ɗanki, gubar ta fito, wata ta bi ruwa, wata ta bi iska. A kwana ɗaya wannan bai yi nisa ba. Rogonki ya jiƙe ta waje, cikinsa na nan garau.

Don haka ba a ƙirga kwana kawai, hannu ake sawa. Da zafi kwana uku cikakku, da sanyin hunturu huɗu ko biyar. Alamar ya yi: kumfa a saman ruwa, warin tsami, kuma idan kika matsa gutsure da yatsu ya dagargaje, jijiyar tsakiya ta zare da kanta. Idan har yanzu sai da wuƙa, ki mayar. Ruwan ya rufe shi duka, kuma idan an tsame a zubar da shi inda yaro ko akuya ba za su kai ba.

Shanya ita ce ke ƙarasa abin da jiƙo ya fara, domin wani ɓangare na gubar yakan maƙale a cikin tsamin, sai an bushe shi ƙayau yake tashi. Amma idan ba a jiƙa ba, aka yanka manya-manya aka baza a rana, shanyar takan bar kusan kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na gubar a ciki. Rana mai tsanani irin tamu ma ba taimako take yi a nan ba, saboda tana busar da shi kafin sinadaran su sami damar haɗuwa.

Ga kuma abin da ya ruɗe ki, wato dahuwar tuwon. Wuta tana kashe sinadarin da ke kunce gubar, amma linamarin ɗin kansa yana jure tafasa. Tuwo kuma ba a tsiyaye ruwansa. Duk abin da ke cikin garin ya shiga ciki, ƙananan halittun da ke cikin hanji suka kunce shi sannu a hankali. Shi ya sa ba a kan kwano aka ga alamar ba, sai bayan awanni.

Sauran garin kada ki zubar, a wannan tsadar ba zan ce miki haka ba. Ki kwaɓa shi da ruwa har ya jiƙe ko'ina, ki baza a faranti ko tabarma mai tsabta, kaurinsa kada ya wuce faɗin farce, ki bar shi awa biyar a inuwa ko awa biyu a rana, sannan ki tuƙa a ranar. Wannan dabara an gwada ta a ƙauyukan Kwango ta yi aiki, tana rage gubar sosai. Amma idan kin taɓa a harshe kin ji ɗaci ƙarara, kada ki ba yara.

In haka ta sake faruwa, amai, ciwon ciki, jiri, numfashi sama-sama, yaro ya rikice ko ya yi taushi, a kai shi asibiti nan take, a faɗa musu rogo ya ci, a tafi da ragowar abincin. Akwai allurar da ke karya wannan guba. Madara, manja ko tsamiya ba sa karya ta, kuma kada a tura wa yaro yatsa a maƙogwaro.

Dakta, ina so in fara yin garin kwaki na sayarwa. Dole sai na goga? Ba zan iya yankawa ƙanana in soya ba? Wata baiwar Allah daga Gadarif.

Hajiya, gogawar ita ce zuciyar aikin. Wuƙa fuskar da ta yanka kaɗai take fasawa, magogi kuwa yana fasa kusan ko'ina, don haka abin da jiƙo ke yi a kwana uku, guga tana fara shi cikin awanni. Shi ya sa garin kwaki da aka yi da kyau yana cikin mafi tsabtar abin da ake samu daga rogo, ko da mai ɗaci ne.

Bayan guga ki zuba a buhu, ki ɗaure, ki ɗora dutse mai nauyi kwana biyu zuwa uku. Farin ruwan da ke tsiyaya yana fita da guba mai yawa, tsamin da kwastoma ke so kuma a nan yake samuwa. Sai ki marmashe, ki tankaɗe, ki soya kaɗan-kaɗan kina juyawa har ya bushe ya yi ƙaras-ƙaras. Gubar sayanayid tana zama iska tun a ma'aunin zafi 26, kaskon suya kuwa ya ninka haka, shi ke korar ragowar. Wannan iskar ke za ki fara shaƙa, don haka a tsakar gida ake suya, ba a ɗaki ba, kuma ba da goyo a baya ba. Garin da ya fito da danshi, yana dunƙulewa a hannu, bai soyu ba. Ki tuna mutane jiƙa shi suke yi da sukari su sha ba tare da ya sake ganin wuta ba.

Mu dafawa kawai muke yi mu ci da ƙuli-ƙuli da yaji. Mu ma sai mun jiƙa? Wani ɗalibi daga Sinnar.

Idan mai zaƙi ne, a'a, ƙanena. Ka ɓare, ka yanka gajeru, ka tsaga, ka cire jijiya. Ka sa a ruwan sanyi mai yawa wanda ya shanye kansa, tukunya a buɗe, ya tafasa kamar rabin awa har cokali ya ratsa ba gardama. Ruwan a zubar, ba a yin miya da shi. Ƙananan yanka da yawan ruwa su ne sirrin, tun da a nan ruwan ne ke janye gubar. Gashi da suya a mai ba su da ruwan da zai ja, don haka a tafasa tukuna. Wanda ya dahu amma yana ɗaci, a bar shi.

Ƙuli-ƙulin nan kuma kada ka raina shi. Jiki yana buƙatar abinci mai gina jiki kafin ya iya sarrafa ɗan abin da ya rage, rogo kuwa kusan ba shi da shi. Inda mutane suka dogara da rogo mai ɗaci zalla na makonni, ana gaggauta jiƙo saboda yunwa, a nan ake ganin cutar konzo: yaro ko mai jego su wayi gari ƙafafu sun sandare, kuma ba ta warkewa. An fara bayyana ta a Kwango a 1938, ta ɓarke a arewacin Mozambik lokacin farin 1981. Tun da yaƙin Sudan ya raba mutane da gidajensu a 2023 nake yawan tunaninta. Haka kuma abin da hanta ke mayar da gubar yana tare wa maƙoshi sinadarin aidin, ya ƙara wa maƙoƙo ƙarfi, don haka gidan da ake cin rogo kullum a nemi gishiri mai aidin, a haɗa da wake, gyaɗa ko busasshen kifi.