Bidiyo ya maƙale a hanya: me ya sa turawar ke katsewa?

Tambaya: Malam, ina so in tura wa ƙanwata bidiyo mai nauyin megabait 800 ta Quick Share. Na kashe data da Wi-Fi don kada a ci min kuɗi, Bluetooth kaɗai na bari. Sai ya yi ta jan ƙafa, can ya katse. Wani lokacin ma wayata ba ta ganin tata. Ina mafita?

Amsa: Wi-Fi ɗin da ka kashe shi ya jawo maka. Quick Share, wanda kafin 2024 ake kira Nearby Share a yawancin wayoyin Android, yana amfani da Bluetooth ne wajen gano wayar da ke kusa. Da sun ga juna sai su ƙulla Wi-Fi tsakaninsu su biyu, ba intanet a ciki, ta nan fayil ɗin ke bi. Idan wannan hanyar ta toshe, sai kayan ya koma kan Bluetooth, shi kuwa da ƙyar yake wuce kilobait 200 a daƙiƙa ɗaya. Yi lissafi: megabait 800 zai ci fiye da awa guda. A tsawon wannan lokacin ɗayanku zai iya tashi da wayar ya shiga ɗaki, shi ke nan ta katse. Ta Wi-Fi kuwa minti ɗaya ko biyu ya isa.

Saboda haka ku kunna Wi-Fi da Bluetooth a wayoyin biyu, ba sai kun haɗa da kowane layi ba. Data ta zauna a kashe abinta. Amma ku duba hotspot, in yana kunne a kashe shi, domin yana riƙe Wi-Fi ɗin wayar ya hana ta ƙulla wata hanya.

Rashin ganin wayarta kuma yawanci daga saiti ne. Ta shiga Quick Share ta zaɓi "Everyone", ta bar allonta a buɗe. Wannan zaɓin minti 10 yake yi ya koma yadda yake, shi ya sa za ka ganta yanzu, anjima ka neme ta ka rasa. Tsofaffin wayoyi suna buƙatar a kunna Location ma. Ku ajiye wayoyin gefe da gefe, ta danna "Accept".

Idan duk da haka ta sake yankewa, lura da inda take tsayawa. In wuri ɗaya ne kullum, musamman dab da ƙarshe, fara duba ma'ajiyar wayarta, wataƙila ta cika. Ta share abubuwa har ta samu sararin da ya ɗara gigabait ɗaya. In kuwa wuraren sun bambanta, haɗin ne ke yankewa. Ku kashe tsimin batir, ku kashe wayoyin ku kunna, sannan ku tura bidiyon shi kaɗai, kada a haɗa shi da hotuna ɗari.

Duk wannan in wayarta Android ce. iPhone ba ta karɓar fayil ta Bluetooth daga Android, kada ka wahalar da kanka ta nan.