Sharuɗɗa 11 a tallar aiki: waɗanne uku za a ba wuri a wasiƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani kamfanin sarrafa shinkafa yana neman jami'in sito, na turo muku tallar. Sharuɗɗa 11 suka jera, ga kuma jerin ayyuka. Ina da babbar difloma a fannin akanta, na yi shekara uku ina riƙe da siton wani shagon sari a Kasuwar Singa. An ce in zaɓi sharuɗɗa uku in fi ba su ƙarfi a wasiƙar neman aiki, amma ni duk sun yi mini kama da masu muhimmanci. Ta yaya zan gane ukun?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fara da cire waɗanda ba sa cikin takarar tun farko. A tallar da ka turo guda uku ne: digiri ko babbar difloma, takardar kammala hidimar ƙasa, da shekara biyu zuwa sama a aikin sito. Waɗannan sharuɗɗan shiga ne. Wanda bai cika su ba, da wuya a karanta wasiƙarsa. Wanda ya cika su kuwa bai fi kowa ba, domin duk wanda ya tsallake tantancewar farko ya cika su shi ma. Masu neman aiki da yawa a nan suke ƙarar da rabin shafi, suna ba da labarin makaranta da darussan da suka ɗauka, alhali mai tantancewa ya riga ya gani a takardar bayanan karatu da aiki. Jimla ɗaya a sakin layi na farko ta ishe su: kana da babbar difloma a akanta, ka gama hidimar ƙasa, ka yi shekara uku a sito.

Sai ka ajiye jerin sharuɗɗan, ka koma kan jerin ayyuka, wato sashen da ke faɗin abin da za ka riƙa yi kullum. Dalili shi ne, jerin sharuɗɗa sau da yawa kwafo shi ake yi daga tsohuwar talla, shi ya sa za ka ga "iya hulɗa da jama'a" da "aiki tare da abokan aiki" a tallar direba da ta likita iri ɗaya. Jerin ayyuka kuwa yawanci daga wurin shugaban sashen da ke buƙatar mutum yake fitowa, kuma abin da ke damunsa yana bayyana a ciki.

Buga tallar a takarda, ka ɗauki biro. Ɗauki kowane sharaɗi cikin takwas da suka rage, ka bi ayyukan ɗaya bayan ɗaya kana tambaya: wannan aikin zai yiwu ba tare da wannan sharaɗin ba? In ba zai yiwu ba, ja layi tsakaninsu. Mun gwada da tallarka, wadda ke da ayyuka tara. Daidaita lissafin kaya ya samu layi huɗu: ƙidayar ƙarshen wata, cika katin kaya, binciko dalilin giɓi, da rahoto ga sashen kuɗi. Iya Excel ya samu uku. Karɓar kaya da tantance su ya samu biyu, amma su ne ayyuka biyu na farko a jerin, kuma abin da aka sa a gaba yana da nauyinsa. Iya hulɗa da jama'a ya samu ɗaya da ƙyar. Dubi kuma kalmomin da aka maƙala: sharaɗin da aka sa wa must ko required yana gaban wanda aka sa wa added advantage, domin na biyun ƙari ne kawai, ana iya ɗaukar wanda ba shi da shi.

To, ga ukunka a gwajin farko: daidaita lissafin kaya, karɓar kaya, da Excel. Saura gwaji na biyu, wanda shi ne mutane ke tsallakewa. Ga kowane ɗaya, kana da hujjar da ke ɗauke da adadi, wadda maigidanka na yanzu zai tabbatar idan aka kira shi? Sharaɗin da ba ka da hujjarsa ba zai iya riƙe sakin layi ba, sai dai ka cika shi da yabon kai, kuma mai karatu yana ganewa da zarar ya ga "ni mutum ne mai himma da riƙon amana". Dubi bambancinsa da wannan: "Ina ƙidaya kaya iri 140 a ƙarshen kowane wata, in gwada da katin kaya da rasit, in rubuta dalilin kowane giɓi kafin ranar 3 ga wata." Adadin nan misali ne, sa naka na gaskiya, domin daga irin wannan jimlar ake ciro tambayoyin ganawa.

Wurin da ya kamata ka yi tunani sosai shi ne na uku, wanda Excel ke riƙe da shi yanzu. Tallar ta ambaci gogewa a masana'antar sarrafa amfanin gona a matsayin ƙari, kai kuma ba ka da ita. Kada ka ba ta sakin layi, kada kuma ka nemi afuwa a kanta. Amma ka san abin da ya sa suka ambata. A shagon sari katan ɗin taliya da ya shigo shi ne zai fita, lissafinsa ƙidaya ne. A kamfanin shinkafa ana karɓar shanshera da awo, kuma tana rage nauyi idan ta ƙara bushewa a ajiye, saboda haka giɓin da ke cikin littafi ba kullum yake nufin sata ba. Jimla ɗaya a cikin sakin layin karɓar kaya, da ke nuna ka san wannan, kuma ka saba gwada abin da aka sauke da takardar rakiyar kaya kafin ka sa hannu, ta fi alkawarin "zan koya da sauri" amfani.

Game da Excel, a auna shi da gaskiya. Idan abin da ka iya shi ne shigar da lambobi da tara su da SUM, bai kai ya ci wuri na uku ba, domin suna iya zaunar da kai gaban kwamfuta ranar ganawa. A irin wannan hali mayar da shi jimla ɗaya, ka ɗaga sharaɗin da ke biye wa ukun a yawan layi, wato kula da ma'aikatan lodi, in kana da hujjarsa. Idan kuwa kana haɗa rahoton wata da SUMIF ko PivotTable, faɗi sunansu da abin da kake fitarwa da su.

Ukun ma ba daidai za a raba musu wuri ba. Wasiƙa mai shafi ɗaya tana ɗaukar kalmomi 250 zuwa 300. Ba daidaita lissafi kamar 90, karɓar kaya 60, na uku 40 zuwa 50, sauran su tafi ga buɗewa da rufewa. Yi amfani da kalmomin da tallar ta kira ayyukan da su, don mai tantancewa da ke riƙe da jerin sharuɗɗa ya gan su ba tare da nema ba. Iya Hausa da Turanci da yarda da aikin ƙarshen mako a lokacin kaka, haɗa su a jimla ɗaya kafin rufewa.

Kafin ka aika, miƙa wa wanda bai ga tallar ba wasiƙar, ka ba shi minti ɗaya, sannan ka tambaye shi abubuwa uku da kamfanin ke nema. Idan ya fara da difloma ko riƙon amana, koma ka rage sakin layi na farko, ka ƙara wa na lissafin kaya adadi.