Dabarar limit: daga ina zan fara?

"Jama'a, jarrabawar lissafi ta matso a jami'ar ATBU ta Bauchi. Idan na ga tambayar limit sai in rasa dabarar da zan ɗauka."

Ɗan'uwa, fara da zuba lambar a gurbin x. Idan amsa ta fito, an gama. Idan kuwa ka samu 0/0, to siffar tambayar za ka kalla.

Ɗauki (√(x+4) − 2)/x yayin da x ke dosar 0. Zubawa ta ba da 0/0, ga kuma alamar √ a sama. Ita ke nuna maka hanya: ninka sama da ƙasa da √(x+4) + 2. Sama ta koma x+4−4, wato x, ta cinye x ɗin ƙasa. Saura 1/(√(x+4) + 2), ka zuba 0 ka samu 1/4. Kada ka buɗe bakan ƙasa, nan yara ke ɓacewa.

Da babu √, kamar (x²−9)/(x−3) a x→3, sai ka fasa saman zuwa (x−3)(x+3), x−3 ta cinye ta ƙasa, ka zuba 3, amsa 6.

Dokar L'Hôpital kuwa, ni ina ajiye ta sai sauran sun gaza. Tana aiki ne kan 0/0 ko ∞/∞ kawai. Wanda ya ɗora ta kan 5/0 ya zubar da makinsa.