Harajin sifili da keɓewa: wa ke dawo da kuɗinsa?

"Ni ɗan kasuwa ne a Katsina. Tunda duk ba a cajin mai saye VAT, meye bambancin kayan harajin sifili da waɗanda aka keɓe?"

Alhaji, bambancin yana aljihunka. A ce kana fitar da riɗi waje, ka sayi buhunan zuba shi na naira miliyan 2, ka biya VAT na kashi 7.5, wato naira 150,000. In riɗin na ƙarƙashin harajin sifili, ka cike takardar VAT ta wata-wata ka nemi hukumar haraji ta maido maka kuɗin, muddin rasit ɗin ya nuna VAT ɗin daban. Ba rasit, ba magana.

Amma kayan da aka keɓe, 150,000 ɗin nan ta tafi ke nan, sai dai ka cusa ta cikin farashi. In kana sayar da iri biyun, kason kayan harajin sifili kawai za ka nema.